Labari ɗaya, imel uku: maigida, abokan aiki da kwastoma

Rabi Asawase: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka daɗe a aikin ofis ku taimaka min yau ɗin nan. Kamfaninmu yana Asokwa a Kumasi, muna shigo da kayan ofis da na makaranta. Wata makarantar kuɗi a wajen Kwadaso ta sayi kujeru 420 na ɗakin taro, sun biya rabin kuɗi, mun yi musu alkawarin za mu kai ranar Juma'a 7 ga wata, su kuma suna da bikin raba kyaututtuka ranar Asabar 15. Kwantena ta iso tashar jirgin Tema lafiya, sai da safen nan ejan ɗinmu mai fito mana da kaya ya kira wai takardar jirgi ta ce katan 60, alhali takardar lissafin kaya ta ce katan 70, kuma 70 ɗin ne daidai don kujera shida ne a kowane katan. Ya ce ba zai iya ci gaba ba sai wanda ya turo kayan ya sa an gyara takardar, kuma gyaran zai ci kwana biyar zuwa bakwai na aiki. Alhaji maigidanmu yana Tamale, ya ce in rubuto masa komai ta imel, in sanar da mutanenmu, in sanar da makarantar. Na rubuta guda ɗaya mai tsawo ina so in tura wa kowa, amma jikina bai ba ni ba. Yau Talata 4 ga wata.

Awudu Aboabo: Wa alaikumussalam. Yaya Rabi ai labarin ɗaya ne, tura guda ɗaya kawai ki sa su duka a BCC don kar kwastoma ya ga adireshin Alhaji. In kika rubuta uku gobe za ki manta abin da kika ce wa wani ki faɗa wa wani daban, nan ake kama mutum.

Anti Memuna Nima: Wa alaikumussalam ɗiyata. Awudu yana da gaskiya a kan tsoron da yake ji, amma maganin da ya kawo ba shi ba ne. Kafin ki rubuta wa kowa, ɗauki takarda ki zuba abin da ba ya canzawa ko wa za ki faɗa wa: kujeru nawa, ranar da aka yi alkawari, me ya faru, yaushe ake sa ran kaya su iso Kumasi, me kuke da shi a hannu yanzu. Duk imel ɗin ukun daga wannan takardar za su ɗebo, shi ke nan ba za su saɓa wa juna ba. Abin da zai bambanta shi ne kowa me kike so ya yi bayan ya karanta. Alhaji hukunci zai yanke, don kuɗinsa ne da sunansa. Mutanen sito da direba aiki za su yi. Makaranta kuma shirin bikinsu za su gyara. Imel ɗaya ba zai ɗauki ukun nan ba, in kin sa maganar kuɗin da za ku yi asara makaranta ta gani, in kin cire Alhaji bai samu abin da zai yanke hukunci a kai ba.

Amsa min biyu tukuna. Akwai irin kujerun a sitonku? Kuma yaushe kwanakin kyauta na kwantenar za su ƙare?

Rabi Asawase: Akwai guda 150 iri ɗaya sak a sito Anti, ragowar odar baya. Kwanakin kyauta ejan ya ce Litinin 10 ga wata za su ƙare, daga nan damarej dala 50 kowace rana.

Awudu Aboabo: Damarej ai kuɗin ajiya ne da tashar jirgi ke karɓa, ko?

Fuseini Ashaiman: A'a Awudu, abu biyu ne. Damarej kamfanin jirgi ke karɓa don an riƙe musu kwantena fiye da kwanakin da suka bayar, kuɗin filin da kwantenar ke zaune a kai kuma na tasha ne, lissafinsa daban. Rabi ki koma ki tambayi ejan biyun duka kuma ya rubuto miki, kar ki ɗauki lamba daga kiran waya ki sa a imel ɗin Alhaji. Sannan ki tambaye shi ko lissafin yana tsayawa ne ranar da kwantena ta fita ƙofa ko sai an dawo da ita babu kaya, don wasu kamfanonin jirgi sai an mayar musu suke daina ƙirga, ke kuma Kumasi za ku kai ta.

Abu na biyu, kwana biyar zuwa bakwai ɗin nan na gyaran takarda ne kaɗai fa. Ba ejan ke gyarawa ba, wanda ya turo kaya ne zai nemi kamfanin jirgi ya gyara, sai gyaran ya bayyana a ICUMS, tsarin kwamfuta na hukumar kwastam, kafin ejan ya ci gaba da aikinsa. Bayan nan akwai dubawa da sallama, kwana ɗaya ko biyu in komai ya tafi daidai, sannan mota ta ɗauko hanya, Nsawam, Suhum, Nkawkaw, Konongo, ki ba ta yini guda. In an fara ƙirga daga gobe Laraba, mafi sauri gyara ya fito Talata 11, kaya su fita Laraba 12, su kwana Kumasi Alhamis 13. In ya ja zuwa kwana bakwai gyara ya fito Alhamis 13, ga ƙarshen mako ya shigo tsakani, to kina maganar Talata 18 ne. Wato biki ya wuce.

Rabi Asawase: Innalillahi. Ni a wanda na rubuta na sa "mako mai zuwa insha Allah" ne, ban lissafa dubawa da hanya ba. Na kira ejan yanzu, ya ce sai an dawo da kwantenar suke daina ƙirga, kuɗin fili kuma zai turo min da yamma.

Anti Memuna Nima: Toh kin ga amfanin takardar farko. "Mako mai zuwa" kowa yadda yake so zai fassara, hedimasta zai ji Litinin, direba zai ji Juma'a. Yanzu ki je wajen masu hayar kujeru da rumfa ki ji nawa za su ba da guda 270 na yini ɗaya, don Alhaji ba a kai masa matsala tsirara, ana kai masa ita da hanyar fita da farashinta. In kin samo sai mu rubuta nasa, shi ne na farko, kar ki tura wa makaranta komai sai ya amsa.

Malam Issaka Madina: Ni dai ban gane wahalar nan ba. Hedimasta mutum ne, a ɗauki waya a kira shi a ba shi haƙuri, ko ma a je ofishinsa a gaisa. Mu a makarantarmu in mai kawo mana kaya ya turo imel bai kira ba, muna ɗauka ya raina mu ne ko yana gudun mu.

Anti Memuna Nima: Malam ba a ce kar a kira ba, kira dole ne ma, labari mara daɗi a fara jinsa da murya ya fi mutunci. Amma kiran ba ya zama shaida. Hedimasta yana da mai makaranta a samansa, yana da akanta da ya fitar da rabin kuɗin, za su tambaye shi me kamfani ya ce, yana bukatar abin da zai tura musu. A kira, sannan cikin awa ɗaya imel ya biyo baya yana cewa kamar yadda muka yi magana a waya. Kuma abin da za a faɗa a wayar daga imel ɗin za a karanto shi, shi ya sa ake rubutawa kafin a kira.

Rabi Asawase: Na samo Anti. Sidi 5 kowace kujera, 270 ya kama sidi 1,350, motar kaiwa da dawowa sidi 400, duka 1,750.

Anti Memuna Nima: Madalla. Na san da Turanci za ki tura, amma ga yadda zan tsara na Alhaji, ke sai ki juya. A Subject kar ki sa "Game da kwantena" kawai, mutumin da ke kan hanya a waya yake karantawa, layin nan kaɗai zai iya gani kafin ya yanke ko zai buɗe yanzu ko sai dare. Ki sa: Kujerun makarantar Kwadaso ba za su iso 7 ga wata ba, ina bukatar amincewarka kafin ƙarfe 4 na yau.

Cikinsa kuma:

"Ranka ya daɗe, barka da hanya. Kujeru 420 na makarantar Kwadaso ba za su iso ranar Juma'a 7 ba. Mafi sauri Alhamis 13, in ya ja Talata 18, bikinsu kuma Asabar 15 ne. Ina neman amincewarka a kan abu biyu kafin ƙarfe 4 don in kira hedimasta yau: mu kai musu 150 da ke sito ranar Juma'a 7, kuma in kwantena ba ta bar Tema ba zuwa yammacin Alhamis 13 mu yi hayar 270 a kan sidi 1,750 daga aljihunmu don ranar biki.

Dalili: takardar jirgi ta ce katan 60 maimakon 70, kuskuren daga wanda ya turo kayan ne, na rubuta musu yau su nemi gyara. Kwanakin kyauta za su ƙare Litinin 10, damarej dala 50 a rana har a mayar da kwantena, zai kama tsakanin dala 200 da 450. Kuɗin filin tasha ina jiran ejan ya turo da yamma, zan sanar da kai. Ra'ayina mu yi biyun duka, don makarantar ta riga ta biya rabi. Ban faɗa wa makarantar komai ba tukuna."

Ki lura sharrin labarin yana layin farko. Ba a fara wa maigida da tarihin jirgi, in ya karanta layi biyu waya ta shigo ya riga ya san abin da ya faru da abin da ake jira daga gare shi.

Awudu Aboabo: Anti amma "ra'ayina mu yi kaza" ba zai zama rashin kunya ba? Yarinya ce ma'aikaciya, Alhaji ya haife ta. Wasu masu gidan ba sa son a nuna musu hanya.

Anti Memuna Nima: Ya danganta da Alhajin, Rabi ta fi mu saninsa, in mai son a sassauta ne ta ce "in ka ga ya dace". Amma kar ta cire shawarar gaba ɗaya. Ita ke Kumasi, ita ta ga sito, ita ta ji farashi, in ta zuba masa lambobi ta yi shiru sai ya kira ta yana tambaya ke me kika gani, lokaci ya tafi. Ladabi yana cikin gaisuwa da yadda aka nemi izini, ba ya cikin ɓoye abin da ka sani.

Fuseini Ashaiman: Abin da ya burge ni shi ne an rubuta kuɗin fili ba a sani ba tukuna. Yara da yawa in ba su da lamba sai su yi shiru a kanta, ranar biya maigida ya ga wani kuɗi ya fito daga sama, a nan yarda ke mutuwa. Ki haɗa masa hoton takardun biyu ma Rabi, ya ga 60 da 70 da idonsa, zai bukace su in zai nemi wanda ya turo kaya ya ɗauki damarej ɗin.

Zenabu Sabon Zongo: Ni nawa ya sha bamban amma bari in faɗa don Rabi ta kiyaye. Inda nake aiki a da a Kaneshie, wata abokiyar aikinmu ta rubuta wa manaja bayani irin wannan, da farashin da muka sayo kaya da ribar da ke kai da komai, manaja ya amsa "na yarda, sanar da su", ita kuma don sauri sai ta danna Forward ta rubuta wa kwastoma nasa a sama. Duk zancen cikin gida yana ƙasa, mutumin ya gangara ya karanta tas. Bai yi faɗa ba, kawai a odar gaba ya zo da farashinmu na sari a hannu yana ciniki da shi. Dan Allah imel ɗin makaranta ki buɗe sabo fil, ko ki amsa a kan tsohuwar maganarku da su, kar ya taɓa na Alhaji ko kaɗan. Kuma adireshi shi za ki sa a ƙarshe bayan kin gama karantawa. In Gmail kike amfani da shi ki shiga saiti ki kai Undo Send daƙiƙa 30, yana ceto.

Rabi Asawase: Na gode Yaya Zenabu. Alhaji ya amso yanzu, ya ce ya yarda da 150 ɗin, hayar ma ya yarda amma in nemi ragi. Saura na mutanenmu, mu shida ne: ni, mai sito, direba, akanta, da yara biyu masu haɗa kaya. In tura musu na Alhaji ne kawai in cire maganar kuɗi?

Anti Memuna Nima: A'a, ko kin cire kuɗi ginin na Alhaji ne, tambaya yake yi, su kuma ba tambayarsu kike ba. Nasu kowa ya ga kansa da ranarsa a ciki. Kamar haka, ke sai ki sa sunayensu:

"Jama'a barkanmu da aiki. Kwantenar kujerun Kwadaso ta makara saboda gyaran takarda a Tema, za ta iso tsakanin Alhamis 13 da Talata 18. Alhaji ya amince da wannan tsarin. Mai sito, ka ƙirga 150 ɗin nan gobe Laraba ka duba ko akwai mai karce ko karyayyar ƙafa, ka faɗa min kafin azahar, kuma kar a sayar wa kowa ko guda. Masu haɗa kaya, ku gama ɗaure su ranar Alhamis 6. Direba, lodi ƙarfe 7 na safiyar Juma'a 7, a sauke a makaranta kafin a tafi masallaci, ka karɓo sa hannu a kan 150, ba 420 ba. Akanta, ka ware sidi 1,750 na haya, kar a fitar sai na ce, ranar yanke wannan Alhamis 13 da yamma. In wani daga makarantar ya tambaye ku ranar da sauran za su zo, ku ce ya kira Rabi. Kowa ya amsa min yau cewa ya gani."

Layin "ku ce ya kira Rabi" kar ki raina shi. Direba zai tsaya a makaranta ana sauke kaya, hedimasta zai fito ya tambaye shi sauran fa, shi kuma don ya faranta masa rai sai ya ce ai Litinin suna nan, shi ke nan kamfani ya yi alkawarin da ba wanda ya yi.

Awudu Aboabo: Direba da yaran sito suna buɗe imel kuwa? Mu a wajenmu in ba a WhatsApp aka sa ba ba wanda zai gani, wani ma sai an yi masa murya.

Anti Memuna Nima: Nan kam ka fi ni gaskiya Awudu. Ta tura imel don ya zauna a ajiye, ta kwafe shi zuwa zaurensu, wanda karatu ke ba wuya ta yi masa murya da Hausa ko Twi. Amma rana da lamba su tafi a rubuce ko da an yi muryar.

Malam Issaka Madina: To me ya sa ba za a gaya musu laifin wanda ya turo kaya ba ne? Kar su zaci Rabi ce ta yi sakaci.

Fuseini Ashaiman: Malam in suka tambaya ta faɗa da baki ba komai. Amma abin da ka rubuta wa mutum shida ka ɗauka ya fita gari. Kuma har yanzu ana neman mutumin can ya gyara takarda da sauri, ba lokacin raba laifi ba ne.

Rabi Asawase: Toh na makaranta, ga abin da na rubuta ku duba min: "Muna matuƙar ba da haƙuri, saboda wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu an samu ɗan jinkiri a tashar jirgi, amma muna iya ƙoƙarinmu, kayanku za su iso nan ba da jimawa ba. Muna godiya da fahimtarku."

Malam Issaka Madina: Ɗiyata ki yi haƙuri, a nan ni ne kwastoma don irin wannan muke karɓa. In na karanta wannan ban san komai ba. Ɗan jinkiri kwana nawa? Iyaye 400 za su zo ranar Asabar, a ƙasa za su zauna? Kuma kin gode min da fahimtar da ban yi ba tukuna. Wlh irin wannan saƙon shi ke sa mu fara kiran wani mai kaya a ɓoye.

Anti Memuna Nima: Malam ya gama magana. Hedimasta tambaya ɗaya ce a ransa, bikina fa. Ita za ki fara amsawa. Gwada wannan:

"Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana a waya ɗazu, ba za mu iya kawo kujeru 420 gaba ɗaya ranar Juma'a 7 ba kamar yadda muka yi alkawari, muna ba da haƙuri. Bikinku na Asabar 15 ba zai rasa wurin zama ba. Ranar Juma'a 7 da safe za mu kawo 150 daga cikin odarku. Sauran 270 suna Tema, ana gyara wata takardar shigo da kaya, za mu kawo su zuwa Laraba 19 ga wata. In ba su iso kafin biki ba za mu kawo kujerun haya 270 ranar Juma'a 14 mu kwashe bayan taro, ba za ku biya komai a kai ba. Farashin odarku bai canza ba, kuma ragowar kuɗin sai kaya sun cika. Zan sake rubuto muku ranar Talata 11 ko da babu sabon labari. Muna roƙon ku faɗa mana wanda zai karɓi kaya ranar Juma'a da inda za a sauke."

Haƙuri sau ɗaya ya isa, in kin yi ta maimaitawa sai ya rufe ranakun. Maganar ragowar kuɗi kuma ki tabbatar da Alhaji kafin ki sa, don alkawari ne sabo. Ba damarej a ciki, ba katan 60 da 70, ba sunan wanda ya turo kaya, waɗannan nauyinku ne ba nasa ba.

Awudu Aboabo: Tsaya Anti. Kin ce ranaku ba sa canzawa, amma Alhaji da yara an ce musu 13 zuwa 18, makaranta an ce 19. Ba ga saɓanin da na faɗa tun farko ba?

Anti Memuna Nima: Tambaya mai kyau. 13 zuwa 18 hasashen isowar kwantena Kumasi ne. 19 alkawarin kaiwa makaranta ne, sai an sauke an haɗa ƙafafu an loda a motarku. Abu biyu ne kuma duka gaskiya ne. Amma ka tuna min abu, Rabi ki ƙara layi ɗaya a na mutanenku ki kuma sanar da Alhaji cewa ranar da aka ba makaranta 19 ce, kowa a gida ya san abin da aka faɗa a waje. Kwastoma kuwa ba a ba shi ranar da ta fi kyau, an riga an saɓa masa sau ɗaya, na biyu ba ya gyaruwa da haƙuri.

Malam Issaka Madina: Ni a nan ban bi ki ba Hajiya. In akwai yiwuwar kujeruna su iso kafin biki ina so in sani, don mai makaranta yana son iyaye su ga sababbin kujeru, saboda haka ma aka saya. A gaya min "akwai yiwuwar 14, amma alkawarinmu 19", ni ba yaro ba ne zan gane.

Anti Memuna Nima: Kai za ka gane Malam, amma in ka faɗa wa mai makaranta 14 kaɗai zai riƙe, ranar 14 kuma Rabi za a kira. Jimlar "in ba su iso kafin biki ba" ta riga ta nuna akwai yiwuwar, ba tare da an ɗaura mata rana ba.

Malam Issaka Madina: Ban gamsu ba gaskiya, amma ita ta san hedimastanta.

Fuseini Ashaiman: Ni wanda zan ja kunne a kai shi ne "jinkiri a tashar jirgi" da ta sa a na farko. Kowa ya saba jingina komai ga Tema, kuma a wannan karon ba ruwan tasha, takarda ce aka cika ba daidai ba tun daga can. Makarantu da yawa suna da iyayen yara masu aikin fito da kaya, tambaya ɗaya za su yi su gane. Yadda Anti ta sa, ana gyara takarda, gaskiya ne kuma ya isa.

Zenabu Sabon Zongo: A na makarantar za ta sa Alhaji a CC ko a'a? Ni ina ganin ta sa, ya nuna musu maigida ya san da alkawarin hayar, ba yarinyar ofis ce ta ƙirƙira ba.

Awudu Aboabo: In ta sa shi hedimasta zai daina bi ta kanta, Reply All zai danna kullum yana magana da Alhaji kai tsaye, gobe Alhaji ya amsa daga Tamale ya ba da wata rana daban ba tare da ya tambaye ta ba.

Anti Memuna Nima: Biyun duka suna faruwa. Ni da zan sa shi a wannan na farkon tunda akwai kuɗi a ciki, amma in roƙe shi a gefe ya bar mini amsawa. Rabi ki tambaye shi wanne yake so.

Rabi Asawase: Na tambaye shi, ya ce in sa shi, kuma ya yarda ragowar kuɗi sai kaya sun cika. Na kira hedimasta, ransa bai yi daɗi ba amma ya saurara har ƙarshe, na tura imel ɗin ƙarfe 4 da rabi. Yanzu ya amso, ya ba da sunan wanda zai karɓi kaya, sai dai ya ce kujerun haya na roba ba za su shiga layin gaba ba inda manyan baƙi za su zauna, kuma yana tambaya ko 150 ɗin duk launi ɗaya ne da na odar. Mai sito kuma ya leƙa ya ce kamar 20 daga ciki shuɗinsu ya fi duhu. Wannan in faɗa wa makaranta yanzu ko in bari ya gama ƙirga gobe?

Anti Memuna Nima: Amsa masa yau ki ce ana ƙirgawa ana duba launi, za ki ba shi tabbaci gobe kafin ƙarfe 2. Kar ki rubuta 20 sai mai sito ya fito da su haske ya jera ya ɗauki hoto, cikin sito da yamma shuɗi duk yana yin duhu. In ya tabbata, Alhaji za ki fara tura wa hoton, don shi zai ce a kai 130 ne a ƙara na haya su zama 290, ko a tambayi makaranta ko za su karɓi masu duhun a layin baya.

Fuseini Ashaiman: In ya zama 290 kuɗin haya ya koma sidi 1,850 da mota, ki gyara wa akanta lambar da ya ware. Ejan ya turo kuɗin filin kuwa?

Rabi Asawase: Bai turo ba har yanzu Yaya Fuseini, zan sake kiransa bayan magariba.